Agogo Ba Alƙali Ba Ne: Yadda Ake Gwada Dabarun Kwamfuta Biyu Cikin Adalci

Wasu ɗalibaina biyu sun taɓa zuwa wajena da gardama a bakinsu. Aiki ɗaya aka ba su: kowa ya rubuta manhajar da za ta jera sunayen 'yan ajinsu 200 bisa tsarin haruffa, daga Abdullahi har zuwa Zainab. Na farko yana da sabuwar kwamfutar cinya, ya kuma rubuta tasa da yaren C. Na biyu tsohuwar kwamfutar yayansa yake amfani da ita, wadda fankarta ke gurnani kamar injin markaɗe, ya rubuta tasa da Python. Suka sa agogo, ta na farko ta riga gamawa.

"Malam, ai magana ta ƙare," in ji mai sabuwar kwamfuta. "Agogo ya raba mu."

Na ce masa ya sake kunna manhajar sau biyar a jere, ba tare da ya taɓa ko harafi ɗaya ba. Ya yi. Lambobi biyar suka fito a fuskar kwamfutar, babu biyu da suka zo daidai. Na ce ya zare cajar ya sake gwadawa, kamar an ɗauke wuta. Kwamfutar ta koma tsarin tattalin batir, lokacin ya ƙara tsawo. Sai na tambaye shi, a cikin waɗannan lambobi shida, wacce ce saurin dabararsa? Ya yi shiru.

Abin da ɗaliban nan suke son gwadawa shi ne abin da masana ke kira algoridim, wato jerin matakan da ake bi ɗaya bayan ɗaya don a warware wata matsala. Kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, shekaru fiye da dubu kafin a ƙera kwamfuta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa dabara daban, na'urar da ke aiwatar da ita daban. Dabara hanya ce, kwamfuta kuma abin hawa. Idan mutum biyu suka tashi zuwa kasuwa, ɗaya ya hau babur ya bi zagaye, ɗaya ya taka da ƙafa ya bi yanke, mai babur zai iya riga isa. Amma duk wanda ya ce saboda haka zagaye ya fi yanke kusa, bai yi wa hanya adalci ba. Babur ya auna.

Agogo kuwa ba babur kaɗai yake haɗawa cikin awonsa ba. Yana haɗa ƙarfin kwamfutar, da yaren da aka yi rubutun da shi, da ƙwarewar mai rubutun, da sauran manhajojin da ke rububin ƙwaƙwalwar na'urar a daidai wannan lokaci. Har zafin ɗaki yana shiga, domin kwamfutoci da wayoyin zamani suna rage gudu da kansu idan suka ɗau zafi, don kada su lalace. Wanda ya taɓa riƙe waya da tsakar rana a watan Afrilu ya ga tana jan ƙafa ya san abin da nake nufi. Sakan ɗin da agogo ya nuna jimlar duk waɗannan ce, kuma ba ka da yadda za ka tsince kason dabarar daga ciki.

Mafita ita ce a ajiye agogo, a ƙirga taku. A kowace dabara akwai wani ɗan aiki na tushe wanda ake ta maimaitawa, wanda shi ne ke cin mafi yawan wahalar. A wajen jera sunaye, wannan aiki shi ne kwatanci: a ɗauki suna biyu a duba wanne ne ya kamata ya zo gaba. Sai a yi tambaya ɗaya: idan sunayen sun kai kaza, kwatanci nawa dabarar za ta yi kafin ta gama? Amsar wannan tambaya ba ta canjawa ko an ɗauke wuta, ba ta san C ba, ba ta san Python ba. Ko da katin takarda ka yi aikin a kan tabarma, adadin da za ka samu ke nan.

Bari mu yi shi da katin, domin a nan abin yake fitowa fili. Rubuta sunaye takwas a kan kati takwas ka cuɗa su.

Dabarar ɗalibi na farko ita ce wadda kusan kowa zai fara tunani, zan kira ta zaɓi-na-gaba. Ka ɗauki katin farko ka riƙe, ka kwatanta shi da na biyu, wanda ya fi cancantar zama gaba ka ci gaba da riƙe shi, ka kwatanta da na uku, haka har ƙarshe. Kafin ka tabbatar da sunan da zai zo farko a cikin takwas, sai ka yi kwatanci 7. Ka ajiye shi gefe. Saura bakwai, su kuma kwatanci 6. Sannan 5, 4, 3, 2, 1. Jimla 28. Ko yaya ka cuɗa katunan, 28 ne, ko da ma a jere suke tun farko, domin dabarar ba ta da hanyar gane hakan sai ta duba. Ga yadda take a rubuce, da ɗan ma'ƙirgi da na saka a ciki:

```python
def jera(a):
    kirge = 0
    for i in range(len(a) - 1):
        gaba = i
        for j in range(i + 1, len(a)):
            kirge += 1
            if a[j] < a[gaba]:
                gaba = j
        a[i], a[gaba] = a[gaba], a[i]
    return kirge
```

Layin `kirge += 1` shi ne alƙalinmu. Duk lokacin da aka yi kwatanci, yana ƙara ɗaya. Ba shi abu takwas a kowace kwamfuta a duniya, 28 zai mayar maka. Idan muka kira yawan sunayen n, jimlar ita ce n(n − 1)/2.

Dabarar ɗalibi na biyu ta fi wuyar bayani, zan kira ta raba-ka-haɗa. John von Neumann ne ya tsara ta a 1945. Sirrinta shi ne haɗa tari biyu da kowannensu ya riga ya jeru abu ne mai sauƙi: kana duban katin saman kowane tari ne kawai, ka zare wanda ya kamata ya zo gaba, ka sake duban na saman. To, sai ka fara da raba katunan takwas bibbiyu. Kowane biyu kwatanci ɗaya ke jera su, ka yi 4 ke nan. Yanzu kana da tari huɗu masu kati bibbiyu. Haɗa tari biyu su zama na huɗu ba ya wuce kwatanci 3, domin katin ƙarshe ba shi da abokin gwaji, wurinsa kawai yake faɗawa. Sau biyu za ka yi haka, 6 ke nan. A ƙarshe ka haɗa tarin huɗu da tarin huɗu, kwatanci 7 in ya yi yawa. Jimla 17, kuma wannan shi ne mafi munin abin da zai iya faruwa. Sau da yawa ba ya kaiwa.

Tsakanin 28 da 17 ba wata tazara ba ce da za ta hana mutum barci. Amma lura da inda kowace lamba ta fito. A dabarar farko, kowane kati da ka ƙara sai ya jawo ƙarin kwatanci kusan yawan katunan da ke akwai. A ta biyu, aikin zagaye-zagaye ne, kowane zagaye bai kai kwatanci n ba, kuma yawan zagayen shi ne sau nawa za ka raba n gida biyu kafin ka iso ɗaya. Takwas sau uku ake raba shi. Dubu sau goma. Miliyan ɗaya, duk girmansa, sau ashirin kacal. Wannan ne masu lissafi ke rubutawa log₂ n, kuma duk ma'anarsa ke nan: yawan rabin-rabin.

Yanzu sai mu koma ga sunaye 200 na ɗaliban. Zaɓi-na-gaba na bukatar kwatanci 19,900. Raba-ka-haɗa ba ta wuce 1,345. Wato wanda agogo ya ce ya ci, dabararsa ta yi aiki kusan ninki goma sha biyar na ta abokinsa. Sabuwar kwamfuta da saurin yaren C ne suka rufa masa asiri.

Wani zai ce, to mene ne laifin hakan? Ai mai amfani da manhaja lokaci ne ya dame shi, in na'ura mai ƙarfi ta rufe giɓin shi ke nan. Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta ce ta sa nake ganin ƙirgen taku ya wuce batun adalci kawai. Na'ura tana rufe giɓin ne na ɗan lokaci.

Mu ƙaddara kwamfutoci biyu, don misali kawai. Ta farko tana yin kwatanci biliyan ɗaya a sakan, muka ba ta zaɓi-na-gaba. Ta biyu miliyan goma take yi a sakan, wato ta farko ta ninka ta gudu sau ɗari, muka ba ta raba-ka-haɗa. A kan sunaye 200, mai ƙarfin za ta riga gamawa da kusan ninki bakwai. A kan sunaye 1,000, kwatanci 499,500 ne a gefe guda, 8,977 a ɗaya gefen, kuma har yanzu mai ƙarfin ce gaba, sai dai tazarar ba ta kai ninki biyu ba. A kan 2,000 sun yi kunnen doki. Daga nan labari ya juya. Idan sunayen suka kai miliyan ɗaya, kamar rajistar wata babbar jarrabawa ta ƙasa, zaɓi-na-gaba na bukatar kwatanci kusan biliyan 500, wanda zai ɗauki kwamfutar mai ƙarfi minti takwas da sakan ashirin. Raba-ka-haɗa ba ta kai miliyan 19 ba, mai rauni ta gama cikin sakan biyu. A miliyan goma, mai ƙarfin sai ta kwashe kusan awa 14 tana aiki, alhali mai raunin ba ta kai rabin minti ba.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne wanda ya gwada da agogo a kan sunaye 200 bai yi ƙarya ba. Abin da ya gani ya faɗa. Sai dai awonsa na wannan girman ne kaɗai, a wannan na'urar, a wannan ranar, kuma babu abin da zai gaya masa game da ranar da bayanai za su yi yawa. Irin wannan ne ke sa manhaja ta yi lafiya lau a wajen gwaji, sai bayan shekara biyu, da rajista ta cika, ta fara tsayawa cak, a yi ta zargin kwamfutar ofis ana neman kuɗin sabuwa. Sabuwar da ta ninka tsohuwar gudu sau huɗu, a ƙarƙashin zaɓi-na-gaba, ninki biyu kawai na sunaye za ta iya ɗauka a lokaci ɗaya. Ƙirgen taku kuwa ba lamba ɗaya yake ba ka ba. Ƙa'ida yake ba ka, wadda za ka zuba kowane girma a cikinta ka san abin da ke jiranka tun kafin ka rubuta layi ɗaya.

Shi ya sa masana ba su cika damuwa da ainihin adadin ba, yanayin girmansa suke kallo. Sukan rubuta cewa zaɓi-na-gaba tana O(n²), raba-ka-haɗa kuma O(n log n). Alamar ta fito ne daga masanin lissafin Jamus Paul Bachmann a 1894, kuma abin da take cewa a taƙaice shi ne: idan n ya yi girma sosai, aikin ba zai wuce wani ninki na wannan ba. Ana zubar da rabin da ke cikin n(n − 1)/2, ana zubar da ƙananan ragowa, domin sayen na'ura mai sauri na iya share irin waɗannan, amma ba ya iya mayar da n² ya zama n log n.

Wannan tunani ya girmi kwamfuta. A 1844 wani Bafaranshe, Gabriel Lamé, ya duba tsohuwar dabarar Yuklid ta gano babbar lambar da ke raba lambobi biyu ba saura. Ɗauki 48 da 18: ka raba 48 da 18 saura 12, ka raba 18 da 12 saura 6, ka raba 12 da 6 ba saura, amsa 6, rabawa uku. Lamé ya tabbatar da cewa yawan rabawar ba zai taɓa wuce ninki biyar na yawan alƙaluman ƙaramar lambar ba. Idan ƙaramar mai alƙaluma uku ce, rabawa 15 ce iyaka. Da ya auna mintunan da wani akawu ya ɗauka yana lissafin da alƙalami, da awon ya mutu tare da akawun. Da yake taku ya ƙirga, maganarsa na nan daram a kan wayar da ke aljihunka. Haka ma Donald Knuth, wanda juzu'in farko na babban littafinsa kan shirya manhaja ya fito a 1968, bai ɗauki wata kwamfutar kasuwa ya yi awo da ita ba. Ya ƙirƙiro wata ta zuci mai suna MIX, ya ƙirga umarnin da kowace dabara za ta ci a kanta.

Duk da haka ba zan ce ƙirge ba ya yaudara ba. Yana yi, kuma ta hanyoyin da ya kamata a sani.

Babbar kafar ita ce zaɓen abin da za a ƙirga. Mun ƙirga kwatanci ne bisa zaton shi ne aiki mafi tsada. Amma a ce ba katin takarda kake jerawa ba, buhunan hatsi ne a sito, kowanne da lambarsa a jiki. Duban lamba ba ya cin komai, ɗaga buhu ne ke karya baya. A nan zaɓi-na-gaba tana da wata falala da ƙirgenmu bai nuna ba: musanyar wuri ba ta wuce n − 1, wato buhu 1,000 musanya 999 in ta yi yawa. Raba-ka-haɗa kuwa tana ɗaga kowane buhu a kowane zagaye, kusan ɗagawa 10,000, sannan tana bukatar ƙarin fili da za a riƙa zuba tarin da ake haɗawa. Lebura zai zaɓi ta farko, kuma yana da gaskiya. A cikin kwamfuta ma akwai irin wannan: ɗauko bayani daga ƙaramar ma'ajiyar da ke manne da ƙwaƙwalwar na'ura ya fi ɗauko shi daga babbar ma'ajiya sauri ninki gommai, daga faifai kuwa ba a magana. Dabaru biyu na iya yin taku daidai wa daida, ɗaya tana tsintar abin da ke kusa, ɗaya tana zarya zuwa nesa. Saboda haka duk wanda ya kawo maka ƙirge, tambaye shi me ya ƙirga, kuma me ya sa.

Akwai kuma batun yadda bayanan suka zo. Wata dabara ta uku, wadda masu karta ke yi ba tare da sun sani ba, ita ce ka ɗauki kati ɗaya-ɗaya kana soka shi a gurbinsa cikin waɗanda ke hannunka. Idan katunan sun zo a jere, kwatanci n − 1 ya ishe ta. Idan sun zo a juye, daga ƙarshe zuwa farko, sai ta yi n(n − 1)/2 cif. Dabara ɗaya, amsa biyu masu nisa. Mai son ya tallata ta zai nuna maka ta farko ya yi shiru. Shi ya sa al'ada ta zama a faɗi mafi munin hali, domin shi ne alkawarin da ba ya karyewa, ko kuma a faɗi matsakaici a bayyana irin bayanan da aka zata. Adalci a nan shi ne a ɗora dabarun biyu a kan sikeli ɗaya: mafi muni da mafi muni, ba mafi kyawun wannan da mafi munin waccan ba.

A ƙananan bayanai kuwa, ragowar da alamar O ta zubar su ne ke mulki. Raba-ka-haɗa tana da hidimar rabawa da kwashe-kwashe wadda ba kwatanci ba ce, kuma a kan abu ashirin ko talatin wannan hidima na iya cinye ribarta. Masu rubuta manhajar gaske sun san haka. Dabarar jerawa da Tim Peters ya rubuta wa Python a 2002 tana jera gajerun guntaye, waɗanda ba su wuce 64 ba, ta hanyar sokawa a gurbi, sannan ta haɗa guntayen irin na raba-ka-haɗa. Ƙirge ne ya faɗi wace dabara za ta riƙe ginin, agogo kuma ya taimaka wajen sanin inda za a sa iyakar. Wurin agogo ke nan a ganina: bayan an zaɓi hanya, a auna abin hawa.

Har ma agogo na iya tona yanayin dabarar da ba ka ga rubutunta ba, in ka san yadda za ka tambaye shi. Kada ka tambaye shi sakan nawa. Ba manhajar bayanai masu yawa ka auna, ka ninka su biyu ka sake aunawa a na'ura ɗaya, ka sake ninkawa, kowane awo ka maimaita shi sau da yawa. Idan lokacin na ninkuwa huɗu duk sa'ad da ka ninka bayanan biyu, n² ce ke ɓoye a ciki, kamar yadda 499,500 ya koma 1,999,000 tsakanin dubu ɗaya da dubu biyu. Idan ya ɗan haura ninki biyu kawai, kamar 8,977 zuwa 19,953, kana tare da n log n. Ƙarfin na'urar ya fita daga lissafin, tunda a duka awon biyu yana nan, rabawa ta share shi.

Wannan gwajin na sa ɗaliban nan biyu suka yi kafin su tafi. Kowa ya saka ma'ƙirgi a manhajarsa, muka samar da sunayen bogi 200,000 muka ba su. Tsohuwar kwamfutar ta yi gurnaninta na ɗan lokaci ta tsaya, ma'ƙirginta bai kai miliyan uku da rabi ba. Mai sabuwar ya ɗauki biro ya lissafa nasa a bayan littafi yayin da tasa ke ci gaba da aiki: 19,999,900,000. Ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya jawo kujera kusa da abokinsa ya ce, "Nuna mini yadda kake haɗa tarin nan biyu."